Laraba a Guangzhou, Talata a Kano: Yadda Ake Karanta Lokacin da ke Jikin Saƙon Imel

Saƙon imel guda ɗaya yana iya zuwa da lokuta uku masu saɓa wa juna, kuma a ce babu na ƙarya a cikinsu. Wani layi ya ce da asubahin Laraba aka aiko shi, layin da ke samansa ya ce daren Talata ne, na can sama kuma ya ce da la'asar ɗin Talata ya iso. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗauka an yi wa saƙon coge, ko kuma saƙo ya iso kafin a aiko shi. Abin da ke warware wannan ruɗani lambobi huɗu ne kacal da ke wutsiyar kowane lokaci, da alamar tarawa ko ta ɗebewa a gabansu, irin su `+0100` ko `-0700`. Yawancin mutane ba sa kallonsu, alhali in babu su, sauran abin da aka rubuta bai faɗi komai ba.

Mai sauraron rediyo ya riga ya san rabin karatun. Mun saba jin mai gabatar da shiri yana cewa ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, wato ƙarfe kaza agogon GMT da Ghana. Ya faɗi lokaci guda ne ta bakin agogo biyu, tsakaninsu awa ɗaya. Imel ma haka yake yi, sai dai shi ba ya faɗin lokaci biyun. Yana faɗin na agogon wurin da aka buga hatimin, sannan ya gaya maka tazarar da ke tsakanin wannan agogo da agogon duniya, ya bar maka lissafin.

Agogon da kowa ke auna nasa da shi

A shekarar 1884 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Washington suka amince cewa layin da ya ratsa Greenwich, a gefen Landan, shi ne mafarin auna gabas da yamma a doron ƙasa. Daga nan agogon GMT ya zama ma'aunin da duniya ke bi. Yau wanda kwamfutoci ke bi shi ne UTC, wanda ake tsarewa da agogunan da ke aiki da ƙwayar zarra. Bambancin da ke tsakanin su biyun bai kai daƙiƙa ɗaya ba, don haka a harkar imel duk ɗaya ne. Agogon UTC ba ya sauyawa rani da damina, kuma a jikin saƙo ana rubuta shi `+0000`.

Rana tana riga fitowa a gabas, saboda haka ƙasashen da ke gabas da Greenwich agogonsu yana gaba, su ne masu alamar tarawa. Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi duk `+0100` ne. Sudan `+0200`, Saudiyya `+0300`, Dubai `+0400`, ƙasar Sin baki ɗayanta `+0800`. Ghana tana kan layin, ita `+0000` ce. Ƙasashen yamma kuwa, irin su Amurka da Kanada da Brazil, agogonsu yana baya, su ne masu alamar ɗebewa.

Ga yadda cikakken layin lokaci yake:

```
Date: Wed, 15 Mar 2023 06:12:40 +0800
```

An fara da rana a taƙaice da Turanci, `Wed` wato Laraba, sai kwanan wata, 15 ga Maris 2023. Bayan nan sai awa da minti da daƙiƙa, a ƙidayar awa ashirin da huɗu, inda `06` ke nufin shida na safe, `18` kuma shida na yamma. Na ƙarshe shi ne tazara. Lambobi biyun farko awoyi ne, biyun ƙarshe mintoci. Ma'anar layin ke nan: agogon bangon mai aikawa yana nuna shida da minti goma sha biyu na safe, kuma wannan agogo ya riga na duniya da awa takwas.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ido ya ga alamar tarawa, sai hannu ya tara. Amma lokacin da ke rubuce an riga an tara masa awa takwas ɗin, aikinka shi ne ka cire su don ka koma agogon duniya. Ƙa'idar ita ce ka yi akasin alamar: in ka ga tarawa ka ɗebe, in ka ga ɗebewa ka tara. Da zarar ka isa UTC, sai ka ƙara tazarar garinku. Mutumin Kano ko Damagaram ya ƙara awa ɗaya, na Kumasi ya bar shi yadda yake, na Khartum ya ƙara biyu.

Inda lokutan suke ɓoye

Abin da waya ko kwamfuta ke nuna maka a gefen saƙo lokaci ne guda ɗaya, wanda manhajar ta riga ta juya zuwa agogon na'urarka. Sauran suna cikin wani sashe da ake kira kan saƙo, wanda masu gyaran kwamfuta ke ce wa heda, kuma sai an nema ake ganinsa. A Gmail na kwamfuta, ka buɗe saƙon, ka danna ɗigo ukun da ke kusa da wurin ba da amsa, ka zaɓi `Show original`. A Yahoo kuma `View raw message` ne. A tsohuwar manhajar Outlook ta kwamfuta, ka buɗe saƙon a tagarsa, ka shiga `File`, sai `Properties`, za ka ga akwatin `Internet headers`. Wannan aiki ya fi sauƙi a kwamfuta, domin manhajojin waya da dama ba su da wurin nuna shi.

Shafin da zai buɗe cike yake da rubutu mai kama da shirme. Layi iri biyu kawai muke nema. Na farko shi ne `Date`, wanda guda ɗaya ne tak, kuma daga ɓangaren mai aikawa yake fitowa. Na biyu shi ne `Received`, wanda yakan zo sau da yawa. Saƙo ba ya tashi daga kwamfutar mai aikawa ya faɗa taka kai tsaye, yana bi ta hannun manyan kwamfutoci masu karɓa su miƙa, waɗanda ake kira sabobi. Kowace saba da ta karɓi saƙon sai ta rubuta daga wa ta karɓa, ta rubuta sunanta, sannan bayan alamar `;` ta sa lokacin da ta karɓa da agogonta. Kamar wasiƙar gidan waya ce: kwanan watan da ke cikin takarda marubucin ne ya sa da hannunsa, hatimin da ke bayan ambulan kuwa ma'aikata ne suka buga a kowane zango.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe. Kowace saba tana ɗora nata layin ne a saman na baya. Saboda haka tafiyar saƙo daga ƙasa ake karanta ta zuwa sama: `Received` na can ƙasa shi ne zangon farko, na can sama shi ne na ƙarshe, wato isowarsa akwatinka.

Takardun kwantena

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wani ɗan kasuwar yadi a Kantin Kwari ya yi ciniki da wani kamfani a birnin Guangzhou. An yi yarjejeniya za a turo masa takardun kaya ta imel kafin ƙarshen ranar Talata, 14 ga Maris 2023, agogon Najeriya, in aka wuce haka za a rage masa wani abu a kuɗin. Alhaji bai duba akwatinsa ba sai da safiyar Laraba, ya tarar da takardun. Da ya yi magana, wakilin kamfanin ya turo hoton fuskar kwamfutarsa don ya wanke kansa, sai ga hoton yana nuna Laraba, ƙarfe 6:12. Alhaji ya ce magana ta ƙare, da bakinku kun amsa kun makara. Aka buɗe kan saƙon, aka tsince layukan da ake buƙata, aka rage musu tsawo, ga su:

```
Received: from relay.example.net by mx.google.com;
        Tue, 14 Mar 2023 15:43:12 -0700 (PDT)
Received: from mail.example.com by relay.example.net;
        Tue, 14 Mar 2023 22:43:10 +0000
Received: from sales-pc by mail.example.com;
        Wed, 15 Mar 2023 06:12:44 +0800 (CST)
Date: Wed, 15 Mar 2023 06:12:40 +0800
```

Mu fara daga ƙasa. Layin `Date` ya ce 06:12:40 na Laraba, da tazarar tarawa ta awa takwas, saboda haka za mu ɗebe takwas. Shida ba ta kai takwas ba, dole a ranto daga jiya. Awa shida baya ta kai mu sha biyun dare da minti goma sha biyu, saura awa biyu, waɗanda suka shigar da mu daren Talata, 22:12:40 agogon UTC. Mu ƙara awa ɗayan Najeriya, ya zama 23:12:40. Wato lokacin da wakilin ya danna maɓallin aikawa, a Kano sha ɗayan dare ne da minti goma sha biyu, kuma har yanzu Talata ce.

Layi na gaba shi ne na sabar kamfanin, mai tazara iri ɗaya. Ta karɓi saƙon 22:12:44 agogon UTC, daƙiƙa huɗu bayan an danna. Babu abin mamaki a nan, kuma wannan kusanci alama ce cewa agogon kwamfutar wakilin yana tafiya daidai da na sabar.

Na uku ba ya buƙatar lissafi, tunda `+0000` ne: 22:43:10. Amma in aka jera shi da na baya sai wani abu ya fito fili. Tsakanin 22:12:44 da 22:43:10 akwai minti talatin da daƙiƙa ashirin da shida. Saƙon ya yi rabin awa yana zaune a sabar kamfanin kafin ta gaba ta karɓe shi. Wannan ba baƙon abu ba ne. Idan saba ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ko aka ce mata ta dawo an jima, sai ta ajiye saƙon a layi ta sake gwadawa. Ƙa'idar aika imel ta ba da shawarar a jira aƙalla rabin awa kafin a sake, kuma kada a haƙura sai bayan kwana huɗu ko biyar, ko da yake sabobi da yawa suna sake gwadawa kafin rabin awar. Wasu sabobin ma da gangan suke korar baƙon saƙo a karon farko, domin masu watsa saƙonnin banza ba kasafai suke dawowa ba.

Layin sama shi ne ya fi ruɗa mutane. Ya ce 15:43:12, uku da minti arba'in da uku na yamma, kamar saƙon ya koma baya da awa bakwai. Alamar ɗebewa ce, don haka za mu tara bakwai: sha biyar da bakwai ashirin da biyu, ya zama 22:43:12 agogon UTC. Daƙiƙa biyu ne kawai tsakaninsa da zangon baya. A agogon Kano, 23:43:12 na daren Talata. Takardun sun shiga akwatin Alhaji saura minti goma sha shida da 'yan daƙiƙu sha biyun dare ta buga.

Ashe kamfanin bai makara ba. Asubahin Laraba da daren Talata da la'asar ɗin Talata duk sun taru cikin rabin awa guda. Sai dai a lura da abin da ya ceci kamfanin: yarjejeniyar ta ambaci agogon Najeriya. Da agogon Sin aka ambata, Talata ta ƙare tun ƙarfe biyar na yamma a Kano, kuma da saƙon ya makara da fiye da awa shida. Kan saƙo yana iya faɗin lokacin da abu ya faru har zuwa daƙiƙa, amma ba zai gyara yarjejeniyar da ta ce ƙarshen Talata ba ta ce Talatar wa ba. Mai neman gurbin karatu a waje, ko mai tura takardar neman kwangila, ya kamata ya tambayi wannan tun kafin ranar.

Wani ƙarin bayani game da layin sama. Ganin `-0700` ba ya nufin saƙon ya je Kalifoniya ya dawo. Sabobin Google sukan buga hatimi da agogon yammacin Amurka, inda hedikwatar kamfanin take, ko da kuwa na'urar da ta karɓi saƙon tana wata nahiyar. Na Microsoft da Yahoo sukan yi amfani da `+0000`. Tazarar da ke layin `Received` tana nuna yadda aka saita agogon sabar ne, ba inda aka girke ta ba.

Abubuwan da ke karkatar da lissafi

Na farko shi ne rabin awa. Ba kowace ƙasa ce ke da cikakkiyar awa ba. Indiya `+0530` ce, Iran `+0330`, Nefal kuwa `+0545`. Lambobin ƙarshe mintoci ne, ba kaso cikin ɗari ba. In saƙo daga wani asibiti a Indiya ya nuna 10:15 da `+0530`, ka ɗebe awa biyar ka sami 05:15, ka sake ɗebe minti talatin ka sami 04:45 agogon UTC, wato 05:45 a Najeriya. Wanda ya manta da mintocin zai yi kuskuren rabin awa, kuma rabin awa ta isa ta raba wanda ya cika alkawari da wanda ya saɓa.

Na biyu shi ne sauyin agogo. Mu a nan ba mu taɓa agogonmu, amma Turai da yawancin Amurka suna tura nasu gaba da awa ɗaya a watannin zafinsu. Birtaniya tana `+0000` a lokacin sanyi, sannan daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba ta koma `+0100`, daidai da Najeriya. Amurka tana farawa daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba. Shi ya sa a misalinmu aka ga `-0700`: an sauya agogo ranar 12 ga Maris 2023, kwana biyu kafin saƙon. Da a makon da ya gabata ne aka aiko shi, `-0800` za a gani. Wanda ya haddace cewa tsakanin Kano da New York awa shida ne zai yi daidai a Janairu, ya yi kuskure a Yuli, lokacin da tazarar ke komawa biyar. Maganin abin shi ne kada ka yi lissafi da abin da ka haddace game da gari, ka yi da lambar da ke gabanka, domin ita an riga an sa sauyin a cikinta.

Akwai daren da amfanin wannan lamba ke fitowa sarai. Ranar 29 ga Oktoba 2023, da ƙarfe biyun dare ya yi a Landan, aka mayar da agogo ƙarfe ɗaya. Ɗaya da rabi ta zo sau biyu a dare guda. Saƙon da aka aika a ta farko yana ɗauke da `01:30 +0100`, na ta biyu kuma `01:30 +0000`, tsakaninsu awa guda cur. Haka nan ƙasa takan sauya agogonta dungurungum. Sudan tana kan `+0300` har zuwa Nuwamban 2017, sannan ta koma `+0200`. Tsohon saƙo daga Khartum yana nan da tazarar zamaninsa, kuma da ita za a yi masa lissafi.

Na uku shi ne haruffan da ke cikin baka a ƙarshen layi, irin `(PDT)` da `(CST)`. Ƙarin bayani ne kawai, kuma suna iya ɓatar da mutum. A misalinmu `CST` na nufin agogon Sin, amma haruffan nan uku su ne kuma sunan agogon tsakiyar Amurka, mai `-0600`. Tsakanin ma'anonin biyu awa goma sha huɗu ne. `IST` ma Indiya da Isra'ila da Ireland duk suna amfani da shi. Tun a ƙa'idar rubuta imel ta 1982, mai suna RFC 822, aka gane wahalar haruffa, domin a cikinta an ba wasu yankuna sunaye na harafi ɗaya-ɗaya irin na sojoji, sai daga baya aka gano an juya musu alamun, gabas ta zama yamma. Ƙa'idojin da suka gaje ta a 2001 da 2008 sun tsaya a kan lambobi, suka bar tsofaffin haruffan don karanta tsofaffin saƙonni kawai.

Akwai kuma `-0000`, wanda ba ɗaya yake da `+0000` ba ko da yake lissafinsu ɗaya ne. Mai alamar ɗebewa yana cewa ne: ga lokacin a agogon duniya, amma ban faɗi komai game da agogon wurin da aka rubuta saƙon ba. An fi ganinsa a saƙonnin da na'ura ke fitarwa da kanta.

Yadda ake gane inda kuskure yake

Bayan ka mayar da duk lokutan zuwa UTC, ya kamata su riƙa hawa daga ƙasa zuwa sama, kowanne ya zo bayan na ƙasansa. In ba su yi haka ba, girman saɓanin yakan nuna musabbabinsa.

Idan wani zango ya riga na ƙasansa da 'yan daƙiƙu, agogunan sabobin ne ba su daidaita sosai ba, ba abin damuwa ba ne. Idan saɓanin ya zo daidai ninki biyu na tazarar, to kai ne ka juya alama. Wanda ya ɗebe bakwai inda ya kamata ya tara bakwai zai sami kansa awa goma sha huɗu nesa da gaskiya. Ka koma ka sake.

Idan kuwa `Date` ya saɓa wa `Received` na farko da cikakkun awoyi, mintoci kuma sun yi daidai, to na'urar mai aikawa ce aka saita a yankin da ba nata ba. Wannan yana yawan faruwa da kwamfutocin hannu da ake shigowa da su. Kwamfuta ta zo a saite da agogon yammacin Amurka, sabon mai ita ya ga lokaci ba daidai ba, sai ya gyara awar da hannu ya bar yankin yadda yake. A fuskarta komai lafiya lau, tana nuna goma na safe kamar agogon bango. Amma in ya aika saƙo da manhajar imel da ke kanta, sai ta rubuta 10:00 da `-0700`, wanda ke nufin 17:00 agogon UTC, alhali ainihin lokacin 09:00 ne. Saƙon zai fito kamar an rubuta shi awa takwas bayan isowarsa. Gyaran yana wurin zaɓen yanki, a sa na Afirka ta Yamma mai awa ɗaya gaba, sannan a bar na'urar ta riƙa daidaita lokaci da kanta.

Idan `Date` ya riga `Received` na farko da awoyi ko kwanaki marasa tsari, abu biyu ne ke iya jawo haka. Mai yiwuwa mutumin ya danna aikawa a inda babu sabis, saƙon ya kwana a wayarsa har ya shigo gari. Ƙa'idar ma ta yarda da haka, domin `Date` lokacin da marubuci ya gama ya sallami saƙon ne, ba lokacin da ya kama hanya ba. Mai yiwuwa kuma ya mayar da agogon na'urarsa baya da gangan don a ce ya aiko a kan kari. Kan saƙo shi kaɗai ba zai bambance maka biyun ba. Abin da zai tabbatar shi ne lokacin da saƙon ya bar hannunsa ya shiga hannun wani.

Wane layi ne abin dogaro

Daga nan ake gane cewa layukan ba darajarsu ɗaya ba. Layin `Date` faɗar mai aikawa ce, yana iya zama gaskiya, yana iya zama kuskure, yana iya zama ƙage. Layukan `Received` na ƙasa ma ɗan damfara mai sabar kansa yana iya ƙirƙirarsu. Wanda ba ya iya taɓawa shi ne wanda sabar ɓangarenka ta buga, domin bayan saƙon ya fita hannunsa aka rubuta shi. Saboda haka tafiyar saƙo daga ƙasa ake karanta ta, amma yarda daga sama take farawa, tana raguwa yayin da ake gangarowa.

Haka kuma kada a ɗora wa tazara nauyin da ba za ta iya ɗauka ba wajen gano inda mutum yake. Lambar `+0100` ta haɗa Najeriya da Nijar da Aljeriya da Angola, ta haɗa Jamus da Faransa a lokacin sanyi, ta haɗa Birtaniya a lokacin zafi. In wani ya ce daga Landan yake rubuto maka a watan Janairu, layin `Date` kuma ya nuna `+0100`, akwai dalilin yin tambaya, tunda Landan tana `+0000` a wannan wata. In a Yuli ne, lambar ba ta nuna komai ba. Ko a Janairun ma, mutum yana iya tafiya da kwamfutar da bai sauya wa yanki ba, kuma maƙaryaci yana iya sauya tasa cikin minti guda.

Abu na ƙarshe ya shafi adana hujja. Hoton fuskar waya ba ya ɗauke da tazara, shi ya sa hoton wakilin kamfanin ya kusa kayar da shi a maganar da yake da gaskiya. Layin nan da ke fitowa a saman tsohon saƙo idan an ba da amsa, mai cewa ranar kaza da ƙarfe kaza wane ya rubuta, shi ma yawanci da agogon mai amsawa ake rubuta shi, ba tare da tazara ba, kuma kowa yana iya gyara shi kamar sauran rubutu. In ka tura saƙo ga wani ta hanyar da aka saba, layukan `Received` na asali ba sa bin sa, sabon saƙo ne da nasa sababbin hatimai. Wanda ke son lauya ko abokin ciniki ya ga ainihin lokutan, sai ya sauke saƙon da `Download Original` a shafin nan na Gmail, ko ya tura shi a matsayin maƙale da `Forward as attachment`, sannan ya bar na asalin a akwatinsa kada ya goge.